Wasiƙar da na rubuta wa malamin tsarin sauti don neman tsofaffin takardun jarrabawa

Ina aji biyu a sashen nazarin Hausa na wata jami'a a jihar Zamfara, kuma cikin kwasa-kwasan da muka ɗauka a zangon karatu na farko akwai tsarin sautin Hausa. Darasi ne da nake bin laccarsa ba tare da wahala ba, domin na fahimci naso, wato yadda sauti yake ɗaukar kamannin na kusa da shi, da ganɗantawa, wato yadda wasu baƙaƙe suke sauyawa idan wasalin i ko e ya biyo su, da tsarin gaɓa gwargwadon yadda aka koyar da su, amma da jarrabawa ta fara ƙaratowa sai na lura cewa ban san siffar takardar da za a ajiye a gabana ba. Ban san ko dogon bayani za a nema ba, ko kuwa kalmomi za a jero a ce a fitar da dokar da ke aiki a cikinsu, kuma waɗannan hanyoyi biyu kowace da irin shirin da take bukata.

A shagunan fotokwafi da ke kusa da makaranta ana sayar da damin tsofaffin tambayoyi, kuma yawancin 'yan ajinmu a can suke samun nasu. Na karɓi na wata ƙawata na duba shi shafi bayan shafi. Takardar jarrabawa ta gaskiya tana ɗauke da wasu bayanai a samanta: sunan jami'a da na sashe, shekarar karatu, zango, lambar kwas da sunansa, lokacin da aka bayar, da umarnin yawan tambayoyin da za a amsa. A damin da na gani, an yi ta ɗaukar hoton hoto har saman wasu shafuka ya yanke, babu shekara babu lambar kwas, wata takardar kuma tana tambaya a kan abubuwan da ba su cikin jadawalin da malaminmu ya raba mana a makon farko. Da na tara makin tambayoyin wata takarda sai na samu 60, alhali a kwas ɗinmu jarrabawa maki 70 ce, gwaji da jinga kuma 30. Wannan kaɗai ya nuna mini cewa ko dai daga wata makaranta takardar ta fito, ko kuma daga wani zamani da rabon maki ya sha bamban da na yanzu. Akwai kuma wani dalili da ya sa na ƙi dogara da tsohuwar takardar da ba ta da shekara. A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabuwar manhaja, wadda a cikinta hukumar ta tsara kashi 70 cikin ɗari, aka bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da ita. Sauyi irin wannan yana iya canza lambar kwas, ko ya kwashe wani batu daga aji biyu ya kai shi aji uku, don haka takardar da aka rubuta kafin sauyin ba lalle ba ne ta dace da abin da aka koya mana. Mutum ɗaya ne zai iya gaya mini wace takarda ce har yanzu take da amfani, shi ne malamin da ke koyar da kwas ɗin.

Kafin in ɗauki alƙalami na fara zuwa laburare, domin bai kamata a ɗora wa malami neman abin da ke ajiye a kan kanta ba. Ma'aikacin da ke sashen ajiyar takardu ya nuna mini kundin tsofaffin tambayoyi da aka ɗinke, na samu na wasu kwasa-kwasanmu na adabi, amma ban samu na tsarin sauti ba. Daga nan na tambaya a ofishin sashe, aka ce mini kwafin yana wurin jami'in jarrabawa da kuma malamin kwas, kuma ba a bayar da shi sai da yardar malamin. Wannan zagaye ya yi mini amfani ta fuska biyu: na san wanda ya kamata in roƙa, kuma na samu jimlar da zan sa a wasiƙa wadda za ta nuna cewa na yi nawa ƙoƙarin.

Na yi tunani a kan hanyar da zan bi. Tare malami a bakin aji bayan lacca yana da sauƙi, sai dai a wannan lokaci ɗalibai sun kewaye shi, yana sauri zuwa wani ajin, kuma amsar da za a samu ba ta wuce "ku je ku karanta abin da na koya muku". Kiran waya kuwa ban ga dacewarsa ba, tunda lambar da ya ba mu ta hannun wakilin aji ya ce a riƙa bi. Wasiƙa tana ba shi damar karantawa a lokacin da ya samu sarari, ya duba ajiyarsa, ya yanke abin da zai iya bayarwa da wanda ba zai iya ba. A matsayina na ɗaliba mace kuma, na fi son duk wata hulɗa da ta shafi jarrabawa ta kasance a rubuce kuma a fili, yadda ko wa ya ɗauki takardar ya karanta zai ga abin da na nema ba tare da wata shubuha ba. Wannan kariya ce gare ni, kariya ce kuma ga malamin. Saboda haka na sanar da wakilin ajinmu abin da nake shirin yi, na nuna masa daftarin, na kuma nemi yardarsa in ambace shi a ciki.

Wurin da na fi daɗewa shi ne tantance abin da zan roƙa. Akwai iyaka tsakanin neman tsohuwar takarda da neman a nuna wa mutum inda tambayoyin bana za su fito, kuma jimla guda da ba a auna ba tana iya tsallakar da wasiƙa daga wannan gefe zuwa wancan. Idan ɗalibi ya rubuta cewa yana so malam ya faɗa masa wuraren da ya kamata ya fi mayar da hankali a kansu, ko da da zuciya ɗaya ya rubuta, malamin da ya riga ya tsara tambayoyinsa ya miƙa wa sashe zai ji kamar ana neman ya buɗe abin da aka ba shi amana. Mai tsoron Allah zai ƙi amsawa gaba ɗaya, har da sashen roƙon da ba shi da laifi. Don haka na raba tambayoyina gida biyu a kan wata takarda. Duk tambayar da amsarta za ta bayyana batun da zai fito, na soke ta. Na bar waɗanda suka shafi siffar takarda da yadda ake son a rubuta amsa, wato abubuwan da malami zai iya faɗa a gaban aji duka ba tare da kowa ya ɗaga gira ba. Daga cikinsu ma na zaɓi huɗu kawai, domin wasiƙar da ta zo da tambayoyi goma ta zama aiki, ana ajiye ta sai an samu lokaci, lokacin kuma ba ya samuwa a makonnin da ake shirin jarrabawa.

Na buga wasiƙar a shafi guda. A sama ta hannun dama na sa sashenmu da tsangayarmu da kwanan wata, a ƙasa ta hagu na sa muƙamin malamin da cikakken sunansa da sashensa. Na tabbatar da muƙamin daga allon da ke ƙofar ofishinsa, domin kiran Dakta da Malam kawai a baki ba laifi ba ne, amma a kan takarda ana rubuta wa mutum abin da ya kai. Bayan sallama na sa kan magana a layi guda, da lambar kwas ɗin a ciki, don ya san abin da takardar ta ƙunsa tun kafin ya karanta ta. Ga abin da ya biyo baya:

"Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan Malam yana cikin ƙoshin lafiya tare da iyali, ni ɗalibarka ce a aji biyu, ina cikin masu ɗaukar kwas ɗin tsarin sautin Hausa a wannan zango.

"Na rubuto ne domin in roƙi Malam, idan dokar sashe ta yarda kuma babu takura, ya taimaka mana da kwafin takardun jarrabawar wannan kwas na shekaru biyu ko uku da suka gabata. Na duba a laburare ban same su ba, a ofishin sashe kuma an shaida mini cewa sai da izinin Malam ake bayarwa. Waɗanda ke yawo a hannun ɗalibai ba su da shekara ko lambar kwas, shi ya sa ban natsu da su ba.

"Haka kuma ina neman shawarar Malam a kan tsarin jarrabawar, ba a kan abin da za a tambaya ba. Na farko, tambayoyi nawa ake bayarwa, nawa ake amsawa, kuma akwai ta dole a cikinsu? Na biyu, shin tsarin tsofaffin takardun yana nan, ko ya sauya bayan shigowar sabuwar manhaja? Na uku, idan muna kawo misalai, ana bukatar mu nuna karin sauti da tsawon wasali a kowace kalma, ko sai inda tambaya ta nema? Na huɗu, ana karɓar misalai daga karin harshenmu na Zamfara, ko sai na daidaitacciyar Hausa?

"Idan Malam ya ga ya fi sauƙi ya amsa a aji domin kowa ya ji, hakan ya wadatar. Duk abin da aka ba ni kuma zan miƙa wa wakilin aji ya raba wa kowa, na riga na yi magana da shi a kan haka. Idan kuma akwai dalilin da ya hana bayar da takardun, na fahimta, kuma ina godiya da lokacin da Malam ya ɗauka ya karanta wannan wasiƙa. Allah ya saka da alheri, ya ƙara ɗaukaka."

A ƙasa na rubuta "ɗalibarka mai biyayya", na sa hannu, na rubuta cikakken sunana da lambar rajistata da ajina.

Akwai abubuwan da na bari a waje da gangan. Ban ce kwas ɗin yana da wuya ba, ban ambaci tsoron faɗuwa ba, ban kuma kawo labarin wahalar hanya daga garinmu ko halin da gida yake ciki ba, duk da cewa kowane ɗalibi a wannan jiha yana da irin wannan labari. Kuka a cikin wasiƙar neman takardu yana sa malami ya ɗauka sassauci ake nema a wurin bayar da maki. Ban kuma cika ta da kirari ba. Gaisuwa ta layi biyu da addu'a a ƙarshe sun isa ladabi a wurinmu, abin da ya wuce haka yana binne roƙon. Jimlar da na fi ba muhimmanci ita ce wadda ta ba shi ƙofar cewa a'a cikin mutunci, da wadda ta yi alkawarin raba wa aji duka, domin babban abin da ke sa malami jinkiri shi ne kada a ce ya fifita wani ɗalibi a kan sauran. Na kuma karanta wasiƙar sau da yawa ina duba ƙa'idojin rubutu, musamman baƙaƙe masu lanƙwasa da rabon kalmomi, saboda wanda zan miƙa wa ita shi ne yake cire mana maki idan muka rubuta "yace" a haɗe.

Na kai ta ana saura kusan wata guda a fara jarrabawa. Na zaɓi wannan lokaci ne domin an riga an koyar da mafi yawan jadawalin, don haka zan iya gane tambayoyin idan na gan su, kuma ba a kai makon ƙarshe ba, lokacin da malamai suke fama da haɗa makin gwaji. Mun tafi tare da wakilin aji a cikin sa'o'in da malamin ya ware don ganin ɗalibai. Na yi sallama, na rusuna na gaishe shi, na ce, "Allah shi gafarta Malam, wata 'yar takarda ce na kawo, ba ta gaggawa ba ce." Ya karɓa ya duba kan maganar, ya sa ta a ƙarƙashin wani littafi a kan teburinsa, ya ce zai duba. Ban tsaya ƙarin bayani ba, tunda duk abin da zan faɗa yana cikin takardar.

Mako ya zagayo ban ji komai ba. Ban sake rubutawa ba, ban kuma aika kowa ba. Bayan laccarsa ta gaba na tsaya har jama'a suka ragu, na gaishe shi, na ce ina tuni ne a kan takardar da na kawo. Ya ce ya karanta, yana jiran jami'in jarrabawa ya fito masa da kwafi mai kyau ne, kuma zai yi maganar a aji.

Haka kuwa aka yi. A ƙarshen laccar da ta biyo baya ya ware kusan minti ashirin, ya miƙa wa wakilin aji takardu uku, ya ce wata ɗaliba ta yi tambayoyin da ya ga kowa yana bukatar amsarsu. Bai ambaci sunana ba, na kuma ji daɗin hakan. Abin da ya fara faɗa shi ne wanda ba za mu taɓa sani ba da a shago muka sayi takardun: mafi tsufa a cikin ukun wani malami ne ya tsara ta a ƙarƙashin tsohuwar manhaja, kuma tambayoyi biyu a cikinta sun shafi ginin kalma, wanda yanzu yake cikin wani kwas dabam. Ya ce mu soke su. Sauran biyun shi ya tsara su, kuma tsarinsu ne za a bi: tambayoyi biyar, a amsa uku, ta farko dole ce kuma tana da maki 30, sauran kowace 20, lokaci awa biyu. Wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya tambaya ko za a ba mu takardar da ake bi wajen bayar da maki. Malam ya ce, "Wannan ba taku ba ce, ta sashe ce. Amma zan gaya muku abin da nake nema idan na ɗauki jan biro."

Daga nan ya bi kalmomin umarni da ke farkon tambayoyi. Idan an ce "kawo", jeri ake so, kuma wanda ya cika shafi da bayani ya ɓata lokacinsa ne kawai. Idan an ce "bayyana", ana son ma'ana, da yanayin da abin yake faruwa, da misalai. Idan an ce "bambanta", dole a sa abubuwan biyu gefe da gefe a nuna inda suka rabu, domin wanda ya yi bayanin kowane shi kaɗai ya tsaya, rabin maki zai samu. Game da karin sauti da tsawon wasali, ya ce ba a bukatar su a cikin jimlolin bayani, amma duk kalmar da aka kawo a matsayin misali a tambayar da ta shafi gaɓa ko karin sauti, sai an nuna su, domin idan ba a nuna ba babu yadda za a raba gàrii da ake zama a ciki da gàarii da ake tuƙa tuwo da shi, kuma nauyin gaɓar farko a kalmomin biyu ba ɗaya ba ne. A kan karin harshe kuwa ya ce a rubuta amsa da daidaitacciyar Hausa, amma misali daga Zamfarci yana da daraja matuƙar an faɗi cewa daga can yake. Ya kawo "zamna" da "amre" da "sabka" da muke faɗa a gida, a gefen "zauna" da "aure" da "sauka", ya ce ɗalibin da ya iya nuna cewa baƙin leɓe da ke ƙarshen gaɓa ya zauna daram a karin yamma alhali ya koma wasali a na Kano, ya nuna fahimtar da ta fi ta mai haddace misalan littafi. Abin da ba ya so shi ne a cakuɗa su ba tare da an bambance ba, har mai dubawa ya kasa sanin ko ɗalibi ya san akwai bambancin.

Da na koma masauki na shimfiɗa takardun biyu masu amfani kusa da jadawalin kwas, na riƙa sa alama a gaban kowane batu da ya taɓa fitowa. Na yi hattara da wannan aiki, domin takardu biyu ba su isa a ce an gano al'adar malami ba, kuma batun da bai fito a shekaru biyu ba yana iya zama shi ne na bana. Abin da na ɗauka daga gare su shi ne siffa. A duka biyun, tambayar dole ba ta neman a rubuta ma'anar komai da farko. Kalmomi ake jerowa bibbiyu, a ce a faɗi sauyin da ya faru, a faɗi dalilinsa, a rubuta dokar, sannan a ƙaro misalai daga kai. Ni kuwa har zuwa lokacin karatuna ya fi karkata ga riƙe ma'anoni kamar yadda suke a littafin lacca, wanda zai yi amfani a tambayoyin zaɓi, amma ba zai ɗauke ni nesa ba a tambayar da ta kwashe maki 30 cikin 70.

Ɗaya daga cikin tambayoyin dolen ta jero mota da motoci, gida da gidaje, kaza da kaji, ƙasa da ƙasashe, ɓarawo da ɓarayi. Na zauna na amsa ta bisa matakan da aka nema. Na fara nuna sauyin a kowace: t ta koma c, d ta koma j, z ita ma ta koma j, s ta koma sh, w ta koma y. Sannan na duba abin da ya biyo bayan baƙin da ya sauya, na ga a kowane misali wasalin gaba ne, ko i ko e. Daga nan na rubuta dokar a jimla ɗaya, cewa waɗannan baƙaƙe suna ganɗancewa idan wasalin gaba ya biyo su a wurin ƙarin ɗafi, na kuma ƙaro nawa misalan daga aikatau, sata da sace, gudu da guje, fasa da fashe, don in nuna cewa abin bai tsaya a jam'in suna kaɗai ba. A karon farko da na gwada, sashen ƙaro misalai ne ya fi cin lokacina, domin kawo kalma daga kai a ƙarƙashin agogo ya fi wuya a kan gane ta a takarda. Saboda haka na buɗe shafi na musamman a littafina, ga kowace doka da aka koya mana na tanadi misalai biyar da ba na lacca ba, na riƙa bitarsu.

Bayanin rabon maki ya ba ni damar yin lissafi iri biyu. Na farko na lokaci ne. Awa biyu minti 120 ne. Na ware 10 don karanta takarda da zaɓen tambayoyi, 5 don dubawa a ƙarshe, saura 105. Idan aka raba 105 a kan maki 70, kowane maki yana samun minti ɗaya da rabi, wato tambayar dole minti 45, sauran biyun kowace minti 30. Na biyu na sakamako ne. A gwaji da jinga na samu 21 cikin 30, kuma babban sakamako yana farawa ne daga 70 cikin ɗari, don haka ina bukatar 49 cikin 70 a jarrabawa. Idan na samu 14 a kowace tambayar zaɓi, 28 ke nan, sai na samu 21 a ta dole kafin in kai. Wannan ya nuna mini a fili cewa ba zan iya barin tambaya ta farko zuwa ƙarshen lokaci ba, kamar yadda wasu suke yi da tunanin su fara da mai sauƙi.

Na amsa takarda ta biyu gaba ɗayanta a zama guda, da agogo a gabana, ba tare da buɗe littafi ba, a kan takarda mai layi irin ta ɗakin jarrabawa. Bayan na gama muka yi musanya da wata 'yar ajinmu da ita ma ta amsa, kowa ta duba ta 'yar'uwarta da littafin lacca a hannu. Ita ce ta lura cewa a tambayar naso na kawo "gidan Bala" na ce ana furta shi da m, amma ban faɗi cewa b baleɓe ne ba, kuma shi ya jawo n zuwa wurin furucinsa. Ni kuma na lura cewa a tambayar bambantawa ta yi bayanin gaɓa mai nauyi da marar nauyi kowace a sakin layinta, ba ta haɗa su ba, abin da Malam ya yi gargaɗi a kai. Tunda ba mu da takardar bayar da maki, ba mu sa wa juna lamba ba, mun tsaya ga nuna abin da ya ɓace a kowace amsa.

Bayan laccar ƙarshe ta zangon na rubuta masa godiya ta layi uku, na ce takardun sun isa ga kowa a aji kuma bayanin ya amfane mu, ban haɗa da wani sabon roƙo ba. Wakilin aji kuma ya ɗauki hoton takardun uku da samansu cikakke, ya rubuta a kan mafi tsufar cewa ta tsohuwar manhaja ce kuma tambayoyi biyu a cikinta ba na wannan kwas ba ne, ya haɗa da taƙaitaccen bayanin da Malam ya yi da shekarar karatun da ya yi shi. Da izinin Malam aka kai kwafi ɗaya laburare, ɗaya kuma aka ba wakilin 'yan aji ɗaya, tare da shawarar su sake tambayar wanda zai koyar da su ko tsarin yana nan kafin su dogara da shi.